RA'AYINMU: Mashaƙon Kafanchan da tambayar da ba a yi wa iyaye

A watan Yulin 2023 gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar da ɓullar cutar mashaƙo a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, bayan da aka yi ta kai yara asibiti da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wahalar numfashi, wasunsu kuma suka rasu. Annobar ta riga ta kama Kano tun ƙarshen 2022, kuma alƙaluman Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, sun nuna cewa mafi yawan waɗanda cutar ta kama a faɗin ƙasar nan ba su kammala allurar rigakafinta ba. Ita kuwa wannan allura kyauta ake yin ta, kuma ta shafe shekaru da dama a cikin jadawalin rigakafin jarirai.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, amsar da ke fitowa daga ofisoshin Abuja kusan ɗaya ce: a ƙara wayar da kai. Sai a ware kuɗin tallar rediyo, a buga riguna da huluna, a shirya bikin ƙaddamarwa. Wannan jarida na ganin cewa amsar ta ginu ne a kan zaton da ba a gwada ba, wato cewa uwar da ba ta kai ɗanta rigakafi ba jahilci ne ya hana ta. Masana halayyar ɗan'adam sun shafe fiye da shekara sittin suna nazarin wannan batu, kuma abin da suka gano ya isa ya sauya yadda ake rubuta takardun neman kuɗi da yadda ake amincewa da su.

A shekarun 1950 hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta rinƙa kai motocin ɗaukar hoton ƙirji unguwa-unguwa domin gano tarin fuka, kyauta, amma mutane da yawa suka ƙi fitowa. Masana irin su Godfrey Hochbaum da Irwin Rosenstock suka shiga binciken dalili, kuma daga aikinsu ne aka samu abin da za mu kira nazariyyar imanin mutum game da lafiyarsa. Taƙaitaccen bayaninta shi ne cewa kafin mutum ya ɗauki matakin kare kansa, akwai tambayoyi huɗu da zuciyarsa ke amsawa. Shin cutar nan za ta iya kama ni ko ɗana? Idan ta kama, yaya muninta? Matakin da ake ce in ɗauka yana da amfani kuwa? Me zai ci mini na kuɗi, lokaci, wahala ko mutunci? Bayan waɗannan akwai abin da ke zaburar da mutum ya tashi a ranar da ya kamata, kamar sanarwar mai unguwa ko rasuwar ɗan maƙwabci. A 1988 aka ƙara abu na shida, wato yardar mutum da cewa shi kansa zai iya aiwatar da abin.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne ya nuna cewa ƙofar tana da makullai da yawa, kuma kowane da mabuɗinsa. Tallar rediyo tana iya taɓa tambaya ta farko da ta biyu, amma ba ta rage nisan hanya ko da taku ɗaya. Wani abin lura kuma shi ne, da Nancy Janz da Marshall Becker suka tattara binciken da aka yi da wannan nazariyya a 1984, sun tarar cewa tambaya ta huɗu, ta cikas da wahala, ita ce ta fi ƙarfin hasashen abin da mutane za su aikata, yayin da tsoron munin cuta ya zo a baya. Wato dai tsoratarwa, wadda ita ce makamin da aka fi ɗauka, tana cikin masu ƙarancin kaifi.

Mu ɗora wannan ma'auni a kan mashaƙo. Kafin annobar, akasarin matasan iyaye ba su taɓa ganin yaron da farar tantani ta toshe masa maƙogwaro ba, domin rigakafin ya yi aikinsa har cutar ta ɓace daga idon jama'a. Wannan shi ne tarkon kowane rigakafi mai nasara: yana shafe shaidar da ke sa a neme shi. Da cutar ta ɓulla a Kafanchan, tambayoyi biyu na farko sun amsa kansu cikin kwanaki, domin babu mai buƙatar jawabi bayan ya halarci jana'izar yaro. Sai dai tsoro baƙo ne, ba ya daɗewa. Jaririn da aka haifa bara bai san da 2023 ba, mahaifiyarsa kuma ta shiga wasu damuwoyin. Shirin da ya dogara da tsoro sai ya jira wata annobar kafin ya sake samun cinkoso a asibiti.

Abin da ke dawwama shi ne tambaya ta huɗu. Allurar da ke kare jariri daga mashaƙo ita ce Fenta, mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, kuma sau uku ake yin ta: a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa. Idan aka haɗa da allurar ranar haihuwa da ta ƙyanda a wata na 9 da ta biyu a wata na 15, uwa za ta je asibiti aƙalla sau shida. A ƙauyukan Kaura, Zangon Kataf, Jaba ko Sanga, kowace tafiya na nufin kuɗin babur zuwa da dawowa, da yinin da aka rasa a gona ko a kasuwa. A daminar 2023 ɗin nan ce kuma cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a Kachiya, Jaba da Kagarko, ta cinye abin da dubban gidaje ke dogaro da shi, a daidai lokacin da cire tallafin mai ya ninka kuɗin sufuri. Ga kuma iyalan da hare-hare suka raba da ƙauyukansu, waɗanda katin rigakafin yaro ya ƙone tare da ɗaki. Allura kyauta ce a takarda, amma isa gare ta ba kyauta ba ne.

Wani cikas ɗin kuma a cikin asibitin yake. Kwalbar BCG tana ɗauke da allurar yara 20, kuma da zarar an haɗa ta sai a zubar da abin da ya rage bayan awa shida. Haka ma ta ƙyanda. Ma'aikacin da ke tsoron a tuhume shi da ɓarna yakan ce wa uwar da ta zo ita kaɗai ta koma sai ranar da yara suka taru. Ƙa'idar aiki ta ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne, amma idan mai duba aiki ya fi tambayar yawan abin da aka zubar fiye da yawan yaran da aka mayar gida, ma'aikaci zai bi abin da ake auna shi da shi. Uwar da ta biya kuɗin babur aka sallame ta hannu rabbana ta koyi darasi, kuma za ta koya wa maƙwabtanta. Haka nan Fenta kan sa zazzaɓi da kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a faɗa wa uwa tun kafin a yi ba, sai ta ga an kai yaro lafiyayye an dawo da shi yana kuka dare guda, kuma mijinta ya ce ba za a sake ba. Bayanin minti ɗaya ne ke tsakanin allura ta farko da ta biyu.

To, ta yaya jami'in da ke zaune a Abuja zai gane wane makulli ne ya ƙi buɗuwa? Ba sai an ɗauko ƙwararre daga waje ba, domin alƙaluman na cikin DHIS2, rumbun da cibiyoyin lafiya ke aika rahotonsu duk wata. Lambobi biyu kawai za a duba: yawan yaran da suka karɓi Fenta ta farko, da yawan waɗanda suka kai ta uku. Ta farko tana nuna ko jama'a na isa ga asibiti, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana nuna ko waɗanda suka zo suna dawowa. Ana cire ta uku daga ta farko, a raba da ta farko, a ninka da ɗari. Abin da ya haura kashi 10 cikin ɗari alama ce ta matsala.

Ga misali na ƙaddarawa domin a ga yadda lissafin ke aiki. A ɗauki mazaɓu biyu, kowace da mutum 10,000. Masu tsara rigakafi kan ƙiyasta jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya a kashi 4 cikin ɗari na jama'a, wato yara 400 a kowace mazaɓa. A ƙarshen shekara kowace ta kawo rahoton yara 240 da suka kammala Fenta ta uku, kashi 60 cikin ɗari ke nan. A teburin darakta, mazaɓun biyu tagwaye ne, kuma magani ɗaya za a rubuta musu. Amma a mazaɓa ta farko yara 360 ne suka karɓi allurar farko, 120 suka ɓace a hanya, wato kashi 33 cikin ɗari. A ta biyu kuwa yara 250 ne suka fara, 10 kacal suka yanke, kashi 4 cikin ɗari.

Mutanen mazaɓa ta farko sun riga sun yarda da rigakafi, tun da tara cikin goma sun kawo 'ya'yansu da ƙafarsu. Kashe kuɗi wajen shawo kansu kamar yi wa mai azumi wa'azin falalar azumi ne. Abin bincike a nan shi ne abin da ya same su bayan sun zo: ko an bar su a layi tun safe har azahar, ko an yi musu tsawa saboda sun manta kati, ko allura ta yanke a ranar da aka ba su, ko ba a rubuta musu ranar dawowa ba. Maganin shi ne a tabbatar da ranar rigakafi ba ta tashi, a buɗe rajistar waɗanda suka yanke a bi su gida ko a kira su a waya, a kuma horar da ma'aikaci kan abin da zai faɗa kafin ya ɗaga sirinji. A mazaɓa ta biyu asibitin yana riƙe duk wanda ya zo, matsalar ita ce yara 150 da ba su taɓa zuwa ba. A nan sai a ɗauki taswira a ga inda suke. Idan suna bayan rafin da ke cika da damina ne, ko a rugage irin na yankin Ladduga, ko a matsugunan 'yan gudun hijira, to babur da man fetur da akwatin sanyi ake buƙata domin a kai musu. Idan kuwa gidajensu na kallon asibitin ne amma ba sa shiga, a nan ne kawai maganar imani da jita-jita ta taso, kuma a nan ne kuɗin wayar da kai zai yi amfani.

Wannan lissafi yana da nasa rauni, kuma ya kamata a san shi. Adadin yaran da ake sa ran samu an ciro shi ne daga hasashen ƙidayar 2006, a yankin da jama'a suka yi ta ƙaura. Mazaɓar da ta karɓi 'yan gudun hijira tana iya nuna fiye da kashi ɗari, wadda aka gudu daga cikinta kuma ta nuna kamar an ƙi allura. Haka kuma uwar da ta fara a ƙauye ta ƙarasa a Kafanchan za ta bayyana a matsayin wadda ta yanke. Idan aka ga Fenta ta uku ta fi ta farko yawa, ko aka ga lamba ɗaya tana maimaituwa wata bayan wata, to rahoton ne ke da ciwo. Don haka lambobi suna nuna inda za a je ne kawai. Sai an je an zauna da iyaye mata ashirin ko talatin an tambaye su kafin a san dalili.

Ita ma nazariyyar tana da iyaka. An gina ta ne a kan mutum guda mai yanke wa kansa hukunci, alhali a gidajenmu uwa ce ke goyon yaro, amma sau da yawa kuɗin mota da izinin fita na hannun miji, shawara kuma na bakin uwar miji. Wannan giɓi ne nazariyyar Icek Ajzen ta cike, inda ta nuna cewa niyyar mutum tana rataye ne a kan ra'ayinsa, da abin da yake zaton mutanen da yake jin nauyinsu suna so, da kuma ikon da yake ganin yana da shi. Saƙon da aka nufi mata kaɗai da shi a ranar awon ciki ya tsallake wanda ke riƙe da mabuɗin babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa waɗannan darussa a tsarin da ta fitar a 2022, mai duba abubuwa huɗu: tunani da ji, tasirin jama'a, niyya, da matsalolin zahiri. Tsarin ya zo da gajerun tambayoyi da ma'aikacin ƙaramar hukuma zai iya yi.

Arewa ta san ƙarfin tasirin jama'a fiye da kowa. A 2003 jita-jitar cewa ɗigon foliyo na hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a wasu jihohi, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, kuma tunawa da gwajin maganin Pfizer na 1996 ya ƙara wa wutar mai. Abin da ya warware ƙullin shi ne shigar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar foliyo ta daji a Agustan 2020. Darasin gaskiya ne, amma kuskure ne a kwafe shi a manna wa kowane yanki. Kudancin Kaduna ba masarauta ɗaya ba ce mai murya ɗaya. Akwai Sarkin Jama'a, akwai sarakunan Kagoro, Atyap, Bajju, Ham, Moro'a da Fantswam, akwai majami'un ECWA da Katolika da Angilika da ƙungiyoyin zumuntar mata, akwai limamai da makarantun Islamiyya, akwai arɗo-arɗon Fulani. Hausa tana haɗa kasuwa, amma zancen da ya shafi jinin ɗa yakan fi shiga da harshen gida, daga bakin wanda aka sani. A yankin da rikici ya raba unguwanni, har wurin da aka kafa teburin allura da wanda ke riƙe da sirinji suna cikin lissafin da uwa ke yi.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, NPHCDA, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da mataimakan da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardu, da su ɗauki ƙa'ida guda: kada a amince da kuɗin wayar da kai ga wata ƙaramar hukuma sai takardar ta nuna Fenta ta farko da ta uku mazaɓa-mazaɓa, ta kuma faɗi wane cikas ake nufin kawarwa da yadda aka gano shi. Na biyu, Asusun Kula da Lafiya na Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ya rinƙa isa cibiyoyi a kan kari, domin fitar da ba a yi ba a watan Agusta saboda rashin mai ba a rama ta da biki a watan Disamba. Na uku, a sauya abin da ake tuhumar ma'aikaci a kai, a tambaye shi yara nawa ya mayar gida kafin a tambaye shi allura nawa ya zubar. Na huɗu, tun da mashaƙo ya kama yara da yawa 'yan makaranta da suka wuce shekarun Fenta, a riƙa duba katin rigakafi lokacin shiga firamare domin a cike giɓi, ba domin a kori yaro ba.

'Yan majalisar da ke wakiltar yankin su ma suna da rawar takawa. Ginin asibiti yana ɗaukar hoto, firjin sola da babur da alawus ɗin mai bin gida-gida ba sa ɗauka, amma su ne ke kai allura ta uku cinyar yaro.

Nijeriya na da yara fiye da miliyan biyu da ba su karɓi Fenta ko sau ɗaya ba, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, adadin da ya sa ta a sahun gaba a duniya. A 2017, da binciken ƙasa ya nuna kashi 33 cikin ɗari kacal na yara ne suka kai allura ta uku, an ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi, kuma binciken 2021 ya nuna an kai kashi 57. Wannan ya tabbatar da cewa lambar tana motsi idan aka sa mata ido. Ragowar yaran su ne mafiya wuyar samu, kuma dalilansu sun bambanta daga mazaɓa zuwa mazaɓa. Likitan kirki ba ya rubuta magani kafin ya ji inda ke ciwo. Iyayen Kafanchan da kewaye sun cancanci a yi musu wannan tambaya kafin a sake kashe ko sisin kwabo da sunansu.